Yadda ake mayar da sakamakon kolestarol daga mg/dL zuwa mmol/L

Takardar gwajin kitsen jini takan zo da ɗaya daga cikin ma'aunai biyu. Wata za ka ga an rubuta 232, wata kuma 6.0, alhali jinin mutum ɗaya ne kuma adadin ɗaya ne. Ta farko ta auna da miligiram a kowace desilita, abin da ake rubutawa mg/dL. Ta biyu ta auna da milimol a kowace lita, wato mmol/L. A Zariya duka biyun suna yawo a hannun mutane. Manyan asibitocin koyarwa na ƙasar nan galibi da mmol/L suke aiki, kamar yadda ake yi a Ingila, amma wasu ɗakunan gwaji masu zaman kansu da mg/dL injinansu suke fitarwa, haka ma takardun da ake dawowa da su daga Indiya ko Amurka. To idan likitanka na asibitin koyarwa na Shika ya ce yana son lambar ta sauka ƙasa da 5.2, kai kuma takardar da ke aljihunka tana cewa 232, babu yadda za ka gane inda kake sai ka mayar da ɗaya zuwa ɗayan.

Lissafin kansa rabawa ɗaya ce. Inda ake tuntuɓe shi ne ba duka layukan takardar ake rabawa da lamba ɗaya ba, kuma a nan zan fi daɗewa.

Za mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. A ce wani magidanci ne a Tudun Wada, mai hawan jini, ya yi gwaji bara aka ba shi sakamako da mmol/L, bana kuma ya yi a wani ɗakin gwaji daban aka ba shi wannan:

```
Total Cholesterol   232 mg/dL
HDL-C                38 mg/dL
LDL-C               158 mg/dL
Triglycerides       180 mg/dL
```

Mataki na farko: tabbatar da ma'aunin da ke kan takardar

Kafin ka taɓa kalkuleta, duba gefen kowace lamba. Yawanci akwai ginshiƙin da aka sa wa suna Unit, kuma a nan za ka ga mg/dL ko mmol/L. Duba kowane layi da kansa, kada ka ga na sama ka ɗauka na ƙasa ma haka yake, domin akan sami takardar da sukari yake da ma'auni ɗaya, kitse kuma da wani.

Wani lokaci an cike takardar da biro ne ba a rubuta ma'aunin ba, ko tawadar ta dushe. Girman lambar zai nuna maka. Jimillar kolestarol ta babban mutum, idan da mg/dL ce, kusan kullum lamba uku ce, irin su 150, 190, 260. Idan da mmol/L ce, ƙaramar lamba ce mai ɗigo, irin su 3.9, 4.9, 6.7. Sannan akwai iyakokin lafiya da ake bugawa a gefe: in ka ga an rubuta ƙasa da 200, mg/dL ne, in ka ga ƙasa da 5.2 ko 5.0, mmol/L ne. Idan lambar sakamakon da lambar iyakar ba su yi kama da 'yan gida ɗaya ba, misali sakamako 232 amma iyaka 5.2, to an cike sakamakon wani ma'auni a kan takardar wani. Wannan kam komawa ɗakin gwajin za ka yi su gyara, ba lissafi ba.

Mataki na biyu: raba layukan kolestarol da 38.67

Duk layin da kolestarol ne, da lamba ɗaya ake raba shi:

```
mmol/L = mg/dL ÷ 38.67
```

Wannan ya haɗa da jimillar, da HDL, da LDL. Mutane sukan yi zaton tunda ana kiran HDL mai kyau, LDL kuma marar kyau, ai kowanne da tasa lambar. Ba haka ba ne. HDL da LDL sunayen ƙunshin da ke ɗauke da kitsen ne a cikin jini, abin da injin yake aunawa kuwa kolestarol ɗin da ke cikin ƙunshin ne, kuma iri ɗaya ne a duka biyun. Shi ya sa ake ƙara harafin C a bayansu a takardu da yawa.

Ga na mutuminmu:

```
232 ÷ 38.67 = 6.00
 38 ÷ 38.67 = 0.98
158 ÷ 38.67 = 4.09
```

Kalkuletar waya za ta jero maka lambobi da yawa bayan ɗigo. Na farko zai fito 5.9994 da 'yan kai, na biyu 0.9826, na uku 4.0858. Tsaya a lamba biyu bayan ɗigo yayin da kake aiki, sannan idan ka zo rubutawa a ƙarshe lamba ɗaya ma ta isa ga jimillar da LDL: 6.0 da 4.1. HDL ne kawai nake son a bar masa lamba biyu, saboda shi ƙaramar lamba ce kuma iyakarsa tana kusa da 1.0, in ka dunƙule 0.98 ta koma 1.0 sai ya zama kamar ya kai iyakar alhali bai kai ba.

In kana son ninkawa maimakon rabawa, ninka da 0.02586, amsar ɗaya ce. Wasu littattafai suna taƙaita ta zuwa 0.0259, wasu kuma suna raba da 38.7 ko 38.6. Duk bambancin bai kai abin da zai canza shawarar likita ba. Ni dai na fi son rabawa da 38.67, domin sifilin da ke gaban 0.02586 yana da saurin ɓacewa a hannun mai gaggawa, in ya ɓace kuwa amsar ta ninka sau goma.

Ina wannan 38.67 ta fito? Ya kamata ka sani, domin wanda ya san tushenta ba zai ɗora ta a kan layin da ba nata ba. Miligiram nauyi yake aunawa. Milimol kuwa ƙidaya ce, yana faɗin yawan ƙwayoyin sinadarin da ke cikin jinin. Ka ɗauki kilo ɗaya na gero da kilo ɗaya na masara: nauyinsu ɗaya, amma ƙwayoyin geron sun fi yawa nesa ba kusa ba, saboda kowace ƙwaya ƙarama ce. Don haka ba za ka iya sanin yawan ƙwaya daga nauyi ba sai ka san nauyin ƙwayar abin da kake aunawa. Shi kolestarol, milimol ɗaya nasa yana da nauyin miligiram 386.7. Desilita kuwa kashi ɗaya ce cikin goma na lita. To 232 a desilita ya zama 2,320 a lita, ka raba da 386.7, ka sami 6.0. Ninkawa da goma sannan rabawa da 386.7 daidai yake da rabawa da 38.67 kai tsaye. Iyakar sirrin ke nan.

Mataki na uku: layin Triglycerides daban yake

A nan mafi yawan kuskure yake faruwa. Mutum ya raba layi uku da 38.67, hannunsa ya saba, sai ya zarce da na huɗu. Amma tiraigilisaraid, wanda ake taƙaitawa TG, wani kitse ne daban, kuma ƙwayarsa ta fi ta kolestarol nauyi fiye da ninki biyu. Lambarsa ita ce 88.57:

```
mmol/L = mg/dL ÷ 88.57
180 ÷ 88.57 = 2.03
```

Dubi abin da zai faru da an yi kuskuren. 180 a raba da 38.67 zai ba da 4.65. Iyakar da ake so ga TG ita ce ƙasa da 1.7. Sakamakon gaskiya, 2.03, ya ɗan haura ne kawai, irin wanda likita zai fara da maganar abinci, rage zaƙi da motsa jiki, ya kuma duba sukari. Amma 4.65 ya kusa ninka iyakar sau uku, hoto ne na wani mutum daban. Babu abin da ya canza a jinin bawan Allah, lambar rabawa ce kawai aka musanya.

Akwai kuma wani kuskuren da masu ciwon sukari suka fi faɗawa. Su sun saba da 18, domin da ita ake mayar da sukarin jini daga mg/dL zuwa mmol/L, kuma da yawansu sun haddace ta saboda na'urar gwaji ta gida. Sai su ɗauka 18 ta kowa ce. In ka raba 232 da 18 za ka sami 12.9, lambar da ba kasafai ake ganinta ba sai ga masu larurar kolestarol ta gado ko wata cuta mai tsanani. Wanda ya ga haka a takardarsa ba zai yi barci ba, kuma a banza. Ƙwayar sukari ta fi ta kolestarol sauƙi, shi ya sa lambarta ta fi ƙanƙanta. Ita 18 ta sukari ce kaɗai.

Mataki na huɗu: gwada amsarka

Wannan matakin ne nake roƙon kada a tsallake, domin takardar da kanta tana iya kama maka kuskure. A ɗakunan gwaji da yawa ba a auna LDL kai tsaye, lissafa shi ake yi daga sauran ukun, da ƙa'idar Friedewald wadda aka wallafa a 1972. Tana da fuska biyu, gwargwadon ma'auni:

```
mg/dL:   LDL = Total − HDL − (TG ÷ 5)
mmol/L:  LDL = Total − HDL − (TG ÷ 2.2)
```

Fara da lambobin asali. 180 a raba da 5 ya ba da 36. Cire 38 daga 232, saura 194, cire 36, saura 158. Ya yi daidai da abin da ke takardar, ke nan LDL ɗin mutuminmu lissafa shi aka yi.

Yanzu gwada da sababbin lambobinka. 2.03 a raba da 2.2 ya ba da 0.92. Cire 0.98 daga 6.00, saura 5.02, cire 0.92, saura 4.10. Mu kuma 4.09 muka samu a mataki na biyu. Tazarar 0.01 daga dunƙule lambobi ta zo, ba komai ba ce. Lissafinka ya tsaya da ƙafarsa.

Da ka yi wancan kuskure na TG, a nan zai tonu. 4.65 a raba da 2.2 zai ba da 2.11, LDL ya fito 2.91 maimakon 4.09. Tazara mai girma haka tana gaya maka akwai layin da aka raba da lambar da ba tasa ba.

Ka lura da 5 da 2.2 ɗin nan, kada su musanya. Wanda ya riƙe 5 a kansa ya yi amfani da ita a kan lambobin mmol/L zai sami LDL 4.61, ya ƙara wa kansa rabin maki da babu shi. Dalilin da lambar ta canza shi ne abin da muka gani: kolestarol da TG ba da lamba ɗaya aka raba su ba, don haka dangantakarsu ta sauya bayan mayarwa.

Gwajin nan yana da iyaka. Idan TG ya haura 400 mg/dL, wato kusan 4.5 mmol/L, ƙa'idar Friedewald ba ta aiki, kuma ɗakin gwaji mai kula ba zai lissafa LDL da ita ba. Haka nan idan an rubuta Direct LDL a takardar, auna shi aka yi, ba lalle ya yi daidai da ƙa'idar ba, kuma wasu ɗakunan gwajin suna amfani da sababbin ƙa'idoji. A irin wannan hali ɗan bambanci ba laifinka ba ne. Sai ka koma hanya mafi sauƙi: ninka amsarka da lambar da ka raba da ita, ka ga ko za ta mayar da kai gida. 4.09 sau 38.67 ya ba da 158. Shi ke nan.

Mataki na biyar: ajiye sabon kusa da tsohon

Takardar mutuminmu ta bara ta ce jimilla 6.7, HDL 1.0, LDL 4.7, TG 2.2. Kafin mayarwa, 'ya'yansa sun ga 6.7 ta koma 232, hankalin gida ya tashi. Bayan mayarwa ga yadda abin yake: jimilla ta sauka daga 6.7 zuwa 6.0, LDL daga 4.7 zuwa 4.1, TG daga 2.2 zuwa 2.0, HDL kuma yana nan inda yake. Sauƙi aka samu, ba ƙari ba.

Sai dai kada a karanta fiye da abin da lambobin suka faɗa. Saukar LDL da 0.6 abin lura ne. Amma motsin 0.1 ko 0.2, kamar na TG ɗin nan, yana iya faruwa tsakanin gwajin yau da na mako mai zuwa ba tare da wani abu ya canza ba, balle an yi su a injina daban-daban. TG musamman yana tashi bayan cin abinci, shi ya sa sau da yawa ake cewa a zo da safe ba a karya ba. Idan gwajin bara da yunwa aka yi shi, na bana kuma bayan koko da ƙosai, mayar da ma'auni ba zai daidaita wannan ba. Rubuta a gefen takardar ko ka ci abinci kafin a ɗebi jinin.

Don ka san inda lambobin suka faɗa, ga iyakokin da aka saba bugawa, a ma'aunan biyu. Jimilla ana son ta ƙasa da 200, wato 5.2, daga 240, wato 6.2, ana cewa ta yi yawa. Tsakaninsu kuwa bakin iyaka ne, kuma nan 6.0 ta mutuminmu take. LDL na 100 shi ne 2.6, na 130 shi ne 3.4, na 160 shi ne 4.1, na 190 kuma 4.9. HDL shi ƙarancinsa ne abin damuwa: ƙasa da 40 ga namiji, wato kusan 1.0, ƙasa da 50 ga mace, wato 1.3. TG kuma 150 shi ne 1.7.

Waɗannan na kowa da kowa ne. Lambar da ta dace da kai kuwa likita ne zai yanke ta, bisa shekarunka, hawan jini, sukari, shan taba da tarihin gidanku. Wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki akan so LDL ɗinsa ya sauka ƙasa da 70, wato 1.8, wani lokaci ma ƙasa da 55, wato 1.4. Saboda haka mutum biyu za su iya riƙe takarda mai LDL 3.0, a ce wa ɗaya ya je gida, a ƙara wa ɗayan magani. Mutuminmu mai hawan jini, da LDL 4.1 da HDL 0.98, yana da maganar da zai yi da likitansa duk da sauƙin da aka samu. Kuma in yana shan maganin rage kitse, ganin lamba ta sauka ba dalilin ajiye shi ba ne, sau da yawa maganin ne ya saukar da ita.

Idan babu kalkuleta

Raba da 40, sannan ka ƙara ɗan kaɗan, kusan kashi ɗaya cikin talatin na amsar. 232 a raba da 40 ya ba da 5.8, ƙara 0.2, ka sami 6.0. Ga TG kuma raba da 90: 180 ya ba da 2.0. Wannan ya isa ka fahimci maganar da ake yi a gaban likita. Amma abin da za ka rubuta ka ajiye, yi shi da lambobin asali, domin rabawa da 40 ba tare da ƙarin nan ba kullum tana rage sakamakon, har ta sa 205, wanda ya haura iyaka, ya fito 5.1 kamar yana ƙasa da ita.

Sauran layukan takardar

Wasu takardun sun fi layi huɗu. VLDL da Non-HDL duk kolestarol ne, da 38.67 ake raba su. VLDL yakan ruɗi mutane saboda daga TG ake lissafo shi, amma abin da aka rubuta ƙiyasin kolestarol ne: 36 na mutuminmu, wato TG ɗinsa 180 a raba da 5, zai zama 0.93. Non-HDL kuwa jimilla ce a cire HDL, 194 a nan, wato 5.02.

Layin da aka rubuta TC/HDL Ratio ba a taɓa shi. Lamba ce da aka samu ta raba kolestarol da kolestarol, ba ta da ma'auni: 232 a raba da 38 ya ba da 6.1, haka 6.00 a raba da 0.98 ya ba da 6.1. Amma TG/HDL ba haka yake ba. Da mg/dL na mutuminmu 4.7 ne, da mmol/L kuma 2.1, don haka duk iyakar da ka ji an ambata a kansa sai ka san da wane ma'auni aka lissafa ta. Idan kuma ka ga Lp(a), ApoB ko ApoA1, bar su yadda suke. Ba kolestarol ake aunawa a cikinsu ba, 38.67 ba ta da hurumi a wurin.

Akwai ma'auni na uku da kan shigo mana ta hannun 'yan'uwa masu zuwa daga ƙasashen da ke aiki da Faransanci: giram a lita, g/L. Za ka ga an rubuta 2,32 da waƙafi a maimakon ɗigo. Wannan lambar tana da haɗari, domin ƙarama ce, ta yi kama da mmol/L, mai kallo zai ce kolestarol 2.3 ai ƙasa yake sosai. Alhali 2,32 g/L shi ne 232 mg/dL ɗin nan namu. Ninka da 100 tukuna ka koma mg/dL, sannan ka raba da 38.67, ko da 88.57 idan layin TG ne.

Idan ka gama, kada ka soke lambobin asali, kada kuma ka yi rubutu a kansu. Ɗauki wata takarda daban, ko bayan ita wannan, ka rubuta ranar gwajin, sunan layin, lambar asali da ma'auninta, sannan sabuwar lambar da nata ma'aunin: LDL-C, 158 mg/dL, 4.09 mmol/L. Ranar ganin likita ka tafi da takardar ɗakin gwajin ta asali tare da ta bara, ka miƙa masa duka, lissafinka yana gefe domin shi ma ya duba.